Na ɓoye saƙonni a fuskar waya amma har yanzu suna fitowa, ina matsalar take?

Tambaya: Salam. Don Allah ina neman taimako, wayata Android ce, idan na ajiye ta a kan tebur a wajen aiki duk saƙon WhatsApp da ya shigo sai ya fito a skirin da sunan mai saƙon da abin da ya rubuta, na kusa da ni duk suna gani. Wani ya nuna min wajen da zan ɓoye na yi, amma wani lokacin yana ɓoyewa wani lokacin kuma sai in ga ya fito tas. Ya zan yi abin ya tsaya gaba ɗaya? Kuma ita maiɗakina iPhone take riƙewa, ita ma tana son ta gyara nata.

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wanda ya nuna maka bai yi kuskure ba, sitin ɗin da ka kunna yana aiki, sai dai akwai abu ɗaya da yawancin mutane ba a gaya musu ba, shi ne wannan sitin ɗin yana aiki ne kawai a lokacin da ita wayar ta ɗauki kanta a kulle. Kuma skirin ya yi duhu ba shi ne waya ta kulle ba. Waya tana iya kashe haskenta alhali a buɗe take, tana iya nuna maka agogon nan na fuskar kulle alhali ta riga ta gane fuskarka ta buɗe kanta, to a duk irin wannan halin ita a wajenta mai ita ne yake riƙe da ita, babu dalilin ɓoye masa komai. Kusan duk wanda ya zo min da wannan kukan na "wani lokaci yana yi wani lokaci baya yi" idan aka bincika nan ake samun matsalar. Don haka bari mu bi abin daga tushe.

Da farko ka tabbatar sitin ɗin da ka taɓa shi ne na gaskiya. Tun daga Android 5.0 da ya fito a 2014 aka fara nuna saƙonni a fuskar kulle, kuma tun lokacin zaɓi uku ne, sunayen ne kawai suke canjawa daga kamfani zuwa kamfani: a nuna komai, a nuna cewa saƙo ya shigo amma a ɓoye abin da ke ciki, ko kar a nuna komai kwata-kwata. A Samsung na 'yan shekarun nan ka shiga `Settings` sai `Notifications` sai `Lock screen notifications` ka zaɓi `Hide content`. A Pixel da wayoyin da ba su canja Android sosai ba, a cikin `Notifications` akwai maɓalli mai suna `Sensitive notifications`, shi kashe shi ake yi ba kunnawa ba, nan mutane da yawa suke rikicewa saboda suna ganin kamar kunna shi ne kariya, alhali kunna shi yana nufin ka yarda a nuna abin sirri ko da waya tana kulle. Tecno da Infinix da itel da Redmi kowanne da inda ya ajiye nasa kuma yana canjawa da sabon tsari, to kar ka wahalar da kanka, a saman `Settings` akwai wajen bincike, rubuta `lock screen` kawai ka duba wanda yake maganar notifikeshan.

Sharaɗin farko kuma, dole wayar ta kasance tana da makulli na gaske, wato lambar sirri ko fasuwod ko zanen nan da ake ja da yatsa. Idan makullinka shafa skirin ne kawai ya buɗe, to zaɓin ɓoyewar a wasu wayoyin ma ba zai fito ba, inda ya fito kuma ba shi da wani amfani tunda kowa zai iya shafawa ya shiga.

To yanzu ga wuraren da abin yake zubewa, na farko shi ne lokacin jira kafin waya ta kulle. Mu ɗauka komai na sama ka yi daidai, kana zaune a ofis da ƙarfe goma, ka gama duba wani abu ka ajiye wayar a tebur ba tare da ka danna maɓallin gefe ba. Skirin ɗinka an saita shi ya mutu bayan minti 2, to a cikin minti biyun nan wayar a buɗe take ɗari bisa ɗari, saƙo ya shigo zai faɗo daga sama da suna da rubutu, sitin ɗin fuskar kulle ba ruwansa da wannan domin ba a fuskar kulle kake ba. Bayan skirin ya mutu kuma akwai wani lokacin jira na daban kafin makullin ya kama. A Android na asali sakan 5 ne idan ba a taɓa ba, amma ana iya ja shi har minti 30, kuma mutane suna ja saboda gajiya da yawan sa lamba sai su manta sun ja. Idan naka yana kan minti 10, ka ga kenan daga ajiye wayar zuwa kullewarta minti 12 ne, duk saƙon da ya shigo a tsakanin nan a fili yake, wanda ya shigo a minti na 13 kuma a ɓoye. Kai da kake kallo sai ka ga kamar wayar tana yin abin da ta ga dama ne, alhali lissafi take bi.

Gyaran wannan ba wuya. A Samsung ka shiga `Lock screen` sai `Secure lock settings`, ka mayar da `Auto lock when screen turns off` zuwa `Immediately`, sannan ka kunna wanda yake cewa a kulle nan take da maɓallin gefe. A sauran wayoyi ka nemi `Lock after screen timeout` da `Power button instantly locks`, yawanci suna ɓoye a bayan ɗan hoton tayar nan mai haƙora ta sitin da ke gefen `Screen lock`. Lokacin mutuwar skirin kuma ka rage shi zuwa sakan 30 ko minti 1. Amma gaskiya abin da ya fi duk wannan shi ne hannunka ya saba, duk sanda za ka ajiye waya ka danna maɓallin gefe tukuna, wannan ɗabi'ar kaɗai tana toshe rabin matsalar.

Na biyu, kuma shi ne wanda ya fi yaudarar mutane, shi ne `Smart Lock`, a sababbin wayoyi an canja masa suna zuwa `Extend Unlock`. Aikinsa shi ne ya bar waya a buɗe idan tana ganin tana cikin aminci, kuma hanya uku yake bi: idan tana jin motsin jikinka, idan tana wani wuri da ka ce ka amince da shi, ko idan tana haɗe ta bulutut da wata na'ura da ka amince da ita kamar agogon hannu ko abin sawa a kunne ko rediyon mota. Idan ka buɗe ta sau ɗaya zai iya riƙe ta a buɗe har awa 4. To ka duba lamarin, agogon yana hannunka, kai ka tashi ka je ɗaki na gaba, bulutut yana kai wa kamar mita 10 har ta bayan bango, wayar tana kan tebur tana ganin agogo yana kusa sai ta ce ai maigida yana nan. A wayoyi da yawa a wannan halin saƙon zai fito a buɗe, inda bai fito ba ma mutum yana shafa skirin sau ɗaya ya shiga cikin wayar gaba ɗaya, wanda ya fi ganin saƙo ɗaya muni. Yadda za ka gane, ka duba ɗan hoton kwaɗon da ke fuskar kulle, idan ka kunna skirin ba ka sa yatsa ba ba ka kalle ta ba amma kwaɗon a buɗe yake, to shi ne. Ka rubuta sunan a wajen bincike ka shiga ka cire duk ukun. Ni a ra'ayina duk wanda ya damu da sirrinsa har ya zo yana wannan tambayar bai kamata ya bar wannan abin a kunne ba, sauƙin da yake bayarwa bai kai abin da yake buɗewa ba.

Na uku buɗewa da fuska. Wannan ba lalacewa ba ce, haka aka tsara shi. Saƙo ya shigo skirin ya kawo haske, ka ɗan leƙa, kyamara ta gane ka, makulli ya buɗe, rubutun da yake a ɓoye ya bayyana, kuma wanda yake zaune kusa da kai a mota ko a taro shi ma idonsa yana kan skirin ɗin. Idan a irin wannan yanayin ne abin yake faruwa da kai to mafita ka cire buɗewa da fuska ka koma zanen yatsa, domin yatsa sai ka yi niyya kake ɗorawa, fuska kuwa ko ba ka yi niyya ba tana buɗewa. Wasu Samsung suna da wani maɓalli a wannan shafin na `Lock screen notifications` mai suna `Show content when unlocked`, idan naka yana da shi kashe shi ma yana maganin wannan.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu na waya a kulle ne. Amma ka ce na kusa da kai suna gani, kuma sau da yawa ganin yana faruwa ne lokacin da wayar take hannunka a buɗe, ko ka miƙa wa wani ya kalli hoto ko bidiyo sai saƙo ya faɗo daga sama. Wannan sai dai a gyara shi daga cikin manhajar kanta. A WhatsApp na Android babu maɓallin kashe rubutun saƙo kai tsaye a shafin notifikeshan, abin da ke wurin shi ne `Use high priority notifications`, idan ka kashe shi saƙo zai daina faɗowa daga sama amma yana nan idan aka jawo labulen sama, kuma sau biyu yake, ɗaya na saƙon mutum ɗaya ɗaya na gurup, sai ka kashe duka. Wanda yake ɓoyewa da gaske yana wani wajen da ba a zato, ka shiga `Settings` na WhatsApp sai `Privacy` sai `App lock`, ka kunna buɗewa da yatsa, a ƙasa wani maɓalli zai fito `Show content in notifications`, ka kashe shi. Daga nan da zarar WhatsApp ɗin ya kulle kansa saƙo zai riƙa zuwa babu suna babu rubutu. Sai dai nan ma akwai lokacin jira, nan take ko bayan minti 1 ko bayan minti 30, ka zaɓi nan take, in ba haka ba ka sake buɗe irin ramin da muka toshe a sama.

Idan kuma hirar mutum ɗaya ce ko biyu ka damu da ita ba duka ba, akwai `Chat lock` da WhatsApp suka kawo a 2023. Ka danna hirar ka riƙe, ka zaɓi `Lock chat`, za ta bar jerin hirarraki ta koma wani wuri da sai da yatsa ko fuska ake shiga, saƙonta kuma idan ya shigo abin da za a gani kawai shi ne akwai sabon saƙo, ba suna ba rubutu, ko waya a buɗe take ko a kulle. Wannan ya fi dacewa da wanda aikinsa yake buƙatar ya riƙa ganin saƙonnin aiki da sauri amma yana son na iyali ya tsaya a rufe. Signal kuma ya fi kowa sauƙi a nan, a cikin `Notifications` akwai `Show` mai zaɓi uku, suna da saƙo, suna kaɗai, ko babu ko ɗaya. Telegram ma yana da maɓallin kashe rubutun, daban na hirar mutum ɗaya daban na gurup.

Wani abu da nake so ka ba shi muhimmanci fiye da hirar ma, shi ne saƙon tes na yau da kullum. Ta nan lambobin tabbatarwa suke shigowa, na banki da na WhatsApp ɗin kansa. Lambar rajistar WhatsApp guda 6 ce, wanda ya san lambar wayarka zai iya sa ta a wata waya ya nemi a turo lambar, ta shigo wayarka da ke kan tebur a kulle, ya karanta a skirin ba tare da ya taɓa ta ba, shi kenan ya ɗauke akawun ɗin. Don haka idan wayarka tana barin a zaɓi manhaja ɗaya-ɗaya wajen ɓoyewa, kar ka ɓoye WhatsApp ka bar `Messages` a buɗe. Ka kuma kunna `Two-step verification` a cikin `Account` na WhatsApp, lamba 6 ce da kai za ka ƙirƙira, ko an ga waccan sai an nemi wannan.

Ita kuma Hajiya mai iPhone nata ya fi naka tsari. Ta shiga `Settings` sai `Notifications` sai `Show Previews`, zaɓi uku ne, `Always` da `When Unlocked` da `Never`. Wannan ya zo ne da iOS 11 a 2017, kuma wayoyin da suke buɗewa da fuska suna zuwa a kan na tsakiya tun daga kwali, masu maɓallin yatsa kuma a kan na farko. Na tsakiyan yana da irin matsalar da na faɗa ta fuska, tana kallon wayar rubutun zai buɗe, don haka idan a cikin mutane take yawan zama to `Never` ne nata, shi ko waya a buɗe take rubutun ba zai fito ba sai ta shiga. Ba dole ta sa wa kowace manhaja ba, a ƙasan wannan shafin ta danna WhatsApp ko `Messages` za ta ga `Show Previews` nasu na kansu. Wannan ma wajen dubawa ne idan ta saita na gaba ɗaya amma wata manhajar ta ƙi bi, domin wadda aka taɓa saita wa nata daban ba ta bin na gaba ɗaya. Ta sani kuma a `Messages` ko an ɓoye rubutu sunan mai saƙon yana fitowa, idan sunan ma ba ta so a gani sai ta cire alamar `Lock Screen` a shafin manhajar. Sannan ta leƙa `Face ID & Passcode`, ƙarƙashin `Allow Access When Locked` ta kashe `Notification Center` da `Reply with Message`. Idan wayarta ta kai iOS 18 na 2024 tana iya danna hoton manhaja ta riƙe ta zaɓi `Require Face ID`, manhajar da aka kulle haka rubutunta baya fitowa a notifikeshan.

Bayan ka gama duk wannan kar ka yarda da sitin, ka gwada, kuma gwajin yana da ƙa'ida. Ka sa wani ya turo maka saƙo daga wata waya sau huɗu a yanayi huɗu. Na farko ka danna maɓallin gefe ka ajiye wayar nesa da fuskarka, a turo, ka leƙa daga gefe yadda maƙwabcin kujerarka zai leƙa. Na biyu ka bar skirin ya mutu da kansa, a turo nan take bayan ya mutu, wannan shi zai nuna maka ko lokacin jira yana nan. Na uku ka haɗa agogonka ko abin kunnenka ka maimaita na farko. Na huɗu wayar a buɗe kana cikin hotuna a turo. Kowane gwaji ka yi shi da WhatsApp sannan da tes, in da hali har da gurup. Wanda ya faɗi a cikin huɗun shi zai gaya maka inda za ka koma: na farko sitin fuskar kulle ne ko kyamara ta hango ka, na biyu lokacin jira, na uku `Extend Unlock`, na huɗu sitin cikin manhaja. Idan kuma duk sauran manhajoji sun ɓoye guda ɗaya ce tak ta ƙi, ka danna hotonta ka riƙe ka shiga bayananta ka duba notifikeshan ɗinta, a Android manhaja tana iya yi wa saƙonta alamar cewa ba na sirri ba ne sai wayar ta nuna shi duk da ka ce a ɓoye, to irin wannan sai ka hana ta fitowa a fuskar kulle gaba ɗaya. Duk sanda wayar ta yi babban sabuntawa ko ka canja waya ka sake wannan gwajin.

Akwai ranar da za ka bar waya a hannun wani ko a wajen caji na ɗan lokaci, don irin wannan Android tun daga na 9 yana da `Lockdown`, yana fitowa a jerin da ake kashe waya, a wasu wayoyin sai ka kunna shi tukuna a sitin makulli kafin ya bayyana. Kana danna shi zai ɗauke duk notifikeshan daga fuskar kulle, ya dakatar da yatsa da fuska da `Smart Lock`, sai an sa lamba. Sau ɗaya yake aiki, kana buɗewa ya koma yadda yake.

Sai iyakar abin, don kar ka ɗauka an rufe ko'ina. Sitin wayar baya bin saƙo zuwa wasu na'urori, agogon hannu yana da nasa sitin, skirin ɗin mota yana da nasa kuma wani ma karanta saƙon yake da murya kowa a motar yana ji, WhatsApp da ka haɗa a kwamfutar ofis shi ma yana fito da saƙo a kusurwar skirin da suna da rubutu, kuma tunda a wajen aiki kake wannan ka fara dubawa, ka shiga `Linked devices` ka ga abin da ke haɗe ka cire wanda ba ka buƙata. Idan ka taɓa kunna `Notification history` shi ma yana ajiye abin da ya shigo na awa 24 ga duk wanda ya samu wayar a buɗe. Kira kuma ba ya cikin wannan lissafin, idan aka kira ka sunan da ka yi wa mutum ajiya da shi zai cika skirin ko ka ɓoye saƙonni ko ba ka ɓoye ba, maganin wannan a tebur kawai ka kifa wayar fuskarta ƙasa.